Gahawa, Goro da Hawan Jini a Cikin Birnin Kano: Nazarin Abin da Sabo Kan Haifar

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi tasirin shan gahawa a kan manyan da ke fama da hawan jini, ta ɗora bayanan masana a kan rayuwar mazauna cikin ganuwar Kano. An nuna cewa hauhawar jinin da ke biyo bayan kofi guda daban take da abin da sabo na shekaru kan haifar, kuma lissafin da ya bar goro da shayi a waje bai cika ba.

1.0 Gabatarwa

Kalmar "gahawa" ararriya ce daga Larabci, kuma ba abin mamaki ba ne samun ta a birnin da ya daɗe yana karɓar fataken Arewacin Afirka. Sai dai gahawa ba ta taɓa samun matsayin goro ba. Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya kwatanta buƙatar mutanen ƙasar ga goro da buƙatar Turawa ga gahawa ko shayi. Kwatancen ya dace fiye da yadda ake zato, domin sinadari ɗaya ne, wato kafeyin, ke aiki a cikin ukun. A yau gahawar da aka fi sha a birni ita ce ta gari, wadda mai shayi ke zubawa da cokali, wani lokaci ma a kan ganyen shayi. Akwai kuma ruɗanin harshe: "kofi" na nufin mazubi, yana kuma nufin abin shan, don haka tambayar "kana shan kofi?" kan samu amsar da ba ta fayyace komai ba.

2.0 Abin da Kofi Guda Kan Yi

A jikin ɗan'adam akwai sinadarin adinosin, wanda ke sassauta jijiyoyin jini. Kafeyin kan tare gurbin da adinosin ke sauka, sai jijiyoyin su ɗan tsuke, jini ya hau. Mesas da abokan aikinsa, a nazarin da suka wallafa a 2011, sun tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan masu hawan jini. Sun samu cewa miligiram 200 zuwa 300 na kafeyin na ɗaga lambar sama da kimanin maki 8, ta ƙasa kuma da kusan maki 6. Hauhawar kan bayyana cikin awa ta farko, ta kuma ɗauki awa uku ko fiye.

3.0 Sabo da Iyakarsa

Wannan nazari dai bai ga ƙarin hawan jini ba a wurin waɗanda suka yi mako biyu suna shan gahawa, idan aka gwada su da waɗanda ba su sha ba. Dalili shi ne jiki kan saba cikin 'yan kwanaki. Wani nazari na 2005, na Noordzij da abokan aikinsa, ya nuna cewa shan gahawa a kai a kai na ƙara lambar sama da maki ɗaya da ɗoriya kawai, alhali ƙwayar kafeyin zalla na ƙara kimanin maki huɗu. Ana danganta wannan bambanci da wasu sinadarai na cikin gahawa da ke taimakon jijiyoyi.

Amma sabon ba ya kammala a jikin kowa. Akwai waɗanda jininsu ke ci gaba da hawa bayan kowane kofi, komai daɗewarsu suna sha. Haka kuma matakin ciwon yana da tasiri. Wani bincike daga Japan da aka wallafa a 2022 ya bibiyi mutane fiye da 18,000 na kusan shekara 19. A cikin waɗanda jininsu ya kai 160/100 ko ya haura, masu shan kofi biyu ko fiye a rana sun ninka waɗanda ba sa sha wajen mutuwa ta cututtukan zuciya da jijiyoyi. Ba a ga haka ba a wurin waɗanda hawan jininsu bai kai wannan mataki ba. Bincike ne na bibiya, saboda haka alaƙa ya nuna, bai tabbatar da sababi ba, kuma Japanawa aka nazarta, a kan gahawa, ba goro ba. Duk da haka gargaɗin nasa ya fi shafar wuraren da mutane da yawa ba sa sanin suna da ciwon sai ya yi nisa.

4.0 Misali Daga Kasuwar Kurmi

A ƙaddara wani ɗan kasuwa mai shekara 55 a Kurmi, yana shan maganin hawan jini, awonsa na yau da kullum 138/86. Da safe yakan sha gahawa mai cokali biyu cike, wato kafeyin da zai kai miligiram 120 ko fiye. Da hantsi yakan ɓare goro, wanda gwargwadon girmansa zai iya kai ƙarfin kofin gahawa. Da la'asar sai shayi, kimanin miligiram 40 zuwa 50, da dare kuma wani a majalisa. Idan kansa ya yi ciwo ya haɗiyi ƙwaya biyu na irin maganin ciwon kan da ake sa wa kafeyin, ya ƙara miligiram 130. A irin wannan rana ya kai ko ya wuce miligiram 400, adadin da hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ta ayyana a 2015 a matsayin wanda ba shi da illa ga lafiyayyen baligi, ba ga majinyaci ba. Da za a tambaye shi, zai ce kofi ɗaya yake sha a rana, kuma bai yi ƙarya ba.

Ranar ganin likita, sai ya sha gahawarsa da ƙarfe bakwai, ya tauna goro yana bin layi, aka auna shi da ƙarfe tara aka samu 147/92. Idan ba a tambaye shi abin da ya ci ba, ana iya ƙara masa magani a kan lambar da ba ita ce tasa ba. Ƙa'idar awo ta ce a guji kafeyin na aƙalla minti 30 kafin a auna, a kuma zauna shiru na minti biyar. Amma tun da hauhawar kan kai awa uku, minti 30 mafi ƙarancin abin da ake nema ne, kuma ya fi kyau a bar gahawa da goro sai an fito.

Mai na'urar awo a gida zai iya gane ko yana cikin waɗanda sabo bai kama ba. Sai ya auna kafin ya sha, ya sake aunawa bayan awa ɗaya, ya maimaita haka kwana uku ko huɗu, domin awo ɗaya ba hujja ba ne. Idan lambar sama na ƙaruwa da maki biyar zuwa goma a kowane karo, to ya rage, ya kuma nuna wa likitansa lambobin. Idan kuwa awonsa na farko ma ya kai 160/100, maganar ta wuce ta gahawa: jinin ne bai daidaita ba, kuma taƙaita kafeyin ba zai maye gurbin magani ba.

Jiki kan fitar da rabin kafeyin cikin kimanin awa biyar, amma juna biyu na jinkirta haka, kamar yadda maganin sifirofuloksasin da ake yawan bayarwa don taifot ke yi. Wanda ya saba da kofi biyu zai iya jin bugun zuciya da rashin barci a makon da yake shan wannan magani. Daina sha farat ɗaya kuwa kan kawo ciwon kai bayan awa 12 zuwa 24, irin wanda masu goro suka sani a ranakun farko na azumi. Wasu kan ɗauka jininsu ne ya hau, alhali awo ne kaɗai zai raba gardama. Abin da ya fi sauƙi ga jiki shi ne a rage sannu a hankali, rabin cokali bayan kwana biyu ko uku.