Me zan sa a jerin hotunan gobe? Amsar wasiƙar mai sayar da atamfa da shadda

Wasiƙar farko ta fito daga Zariya, daga wata baiwar Allah da ke saro atamfa da shadda a Kantin Kwari tana tallata su a Instagram. Ga abin da ta ce: "Ina yin irin jerin hotunan nan da ake ja da yatsa ɗaya bayan ɗaya, wanda ake kira karosal. Nakan zauna in yi ta tunanin abin da mutane za su so, in ɓata dare ina tsarawa, amma in na ɗora sai shiru. Yanzu dabara ta ƙare mini. Ina ake samo batutuwa?"

To Hajiya, mun gode da wasiƙa, Allah ya sa albarka a kasuwa. Batutuwan da kike nema suna cikin wayarki, masu saye sun riga sun rubuto miki su. Abin da ya rage shi ne ki tattara su.

Ki samu littafin rubutu, ki koma baya kamar wata guda. Ki bi sharhin da aka yi a ƙarƙashin hotunanki, da saƙonnin da aka turo miki ta akwatin sirri, da na WhatsApp, har da saƙon murya, don mata da yawa sun fi sakin jiki a murya. Duk tambayar da kika gani ki kwafe ta yadda mai ita ta faɗe ta. In ta ce "Hajiya wannan ba ya zuba?", haka za ki rubuta, kada ki gyara ta zuwa "ingancin launi". Dalili kuwa, kalmar da ta fito daga bakin mai saye ita ce za ta tsayar da 'yar uwarta idan ta gan ta a hoton farko. Sannan duk lokacin da tambaya ta sake fitowa ki ja mata layi ɗaya a gefe. Amma mutane za ki ƙirga, ba saƙonni ba. Mace ɗaya da ta tambaya sau biyar, layi ɗaya ne.

Mu ɗauka kin gama, kin tarar "nawa ne?" ta fi kowace yawa, sai "ba ya zuba?", sai "yadi nawa zai ishi maigida?", sai 'yan ɗaiɗaiku irin su "kuna kaiwa Jos?". Ta farkon da ta ƙarshen ba batun karosal ba ne. Suna nuna miki ne cewa ba ki rubuta farashi da bayanin aike a inda ido zai gani ba, sai ki gyara wannan a bayanin da ke ƙarƙashin hoto. Tambayar da za ta zama karosal ita ce wadda amsarta ke da matakai, ko kwatance, ko abin da sai an gani da ido.

Bari mu tsaya a kan "ba ya zuba?", don a nan aikin yake. Mai wannan tambaya ba neman "a'a" take yi ba, ta san kowane mai kaya "a'a" zai ce. Wataƙila ta taɓa sayen turmi da tsada, wanki ɗaya ya koɗe, ko ya ɓata mata farin mayafi a cikin baho. Idan kika amsa mata, ki ƙara da tambaya: "Ya taɓa faruwa da ke ne? Yaya kika wanke shi?" Amsoshin da za ki samu su ne za su raba miki tambaya ɗaya gida-gida. Wata za ta ce tun a kasuwa take so ta gane mai zuba, wannan batu ɗaya ke nan: yadda ake gwada atamfa kafin a kai wa tela. Wata za ta ce ta jiƙa shi ya kwana a ruwan omo, ga batu na biyu: kuskuren wankin farko. Wata kuma kayan lefe take haɗawa, tana tsoron jin kunya a gidan surukai, ga na uku: abin da za a duba kafin a sa turmi a akwati. Kin ga kin samu aikin mako uku daga tambaya guda, kuma kowanne da wadda kike yi wa magana.

Ga yadda na farkon zai kasance. Hoto na ɗaya ya ɗauki tambayar kanta da manyan baƙaƙe: "Wannan atamfar ba ta zuba?", a kan hoton turmin. Na biyu ya nuna kayan gwaji: farin ƙyalle da ɗan ruwa. Na uku, hannunki yana goga jiƙaƙƙen ƙyallen a gefen atamfar. Na huɗu, ƙyalle biyu kusa da juna, wanda ya ɗauki launi da wanda ya fito fari. Na biyar ki faɗi gaskiyar iyakar gwajin: yana kama mai zuba sosai, amma ba ya nuna yadda zane zai koɗe bayan wanki da yawa da shanya a rana. Na shida ki yi tambaya: "Wace kala ce ta fi ba ki wahala a wanki?" Amsoshinta su ne za ki zuba a littafinki na wata mai zuwa. Instagram ya yarda a sa har hoto 20 tun 2024, a da 10 ne, amma kada yawan wurin ya ruɗe ki ki cusa wanki da guga da farashi a jeri ɗaya. Tambaya ɗaya, jeri ɗaya.

Ina roƙonki abu guda, Hajiya. Idan za ki nuna hoton saƙon wata, ki rufe sunanta da hotonta da lambarta, in ma ta akwatin sirri ta turo, ki nemi izininta tukuna. Amana ce ta ba ki.

Ta yaya za ki san kin dace? Kada ki tsaya ga masu danna alamar so kawai. Idan shafinki na kasuwanci ne, ki shiga Insights ki duba mutum nawa suka adana jerin da nawa suka tura wa wasu, don abin da mutum zai koma ya duba shi yake adanawa. Sannan ki lura da tambayoyin da ke biyo baya. In an koma tambayar "to shadda fa, haka ake gwada ta?", kin amsa ta farko har an wuce gaba. In kuwa har yanzu "ba ya zuba?" ake ta yi a ƙarƙashin jerin, to amsar ta ɓuya, wataƙila rubutun ya yi ƙanana ko kin kai ta can hoto na ƙarshe.

Akwai kuma saƙon wani matashi tela daga Maraɗi, yana cewa mabiyansa ba su da yawa, ba mai yi masa sharhi, to shi ina zai samo tambayoyi? Malam, shagonka ya fi shafinka mutane. Ka ajiye takarda kusa da keke, duk wanda ya tambaye ka ko yadi biyar zai yi masa riga da wando, ko me ya sa wuyan kaftani ke tashi, ka rubuta. Ka leƙa sharhin da ake yi wa manyan teloli, ka nemi tambayoyin da aka bari ba amsa, tambayar za ka ɗauka, ba aikinsu ba. Kana iya sa alamar Questions a Story, sai dai kada ka ce "ku tambaye ni komai", shiru za ka ji. Ka ce: "Me tela ya taɓa ɓata maka a ɗinkin Sallah?" Ko mutum uku ne suka amsa da abu iri ɗaya, ya isa ka fara da shi.