Yadda Ake Gano Sakan Ɗin da Masu Kallo Suka Fara Barin Bidiyo

Darasin Ƙungiyar 'Yan Jarida na wannan mako ya shafi duk wanda yake ɗora bidiyo a YouTube. Da yawa daga cikinmu adadin kallo kawai muke dubawa, mu ga 500 mu yi murna. Amma wannan adadi ba ya faɗa mana ko mutanen sun kalli bidiyon har ƙarshe, ko sun tafi tun kafin mu kai ga labarin da muka sha wahalar ɗaukowa. Abin da yake faɗa mana wannan shi ne jadawalin riƙe masu kallo.

Ina ake samunsa?

Mai tashar zai shiga YouTube Studio, ya zaɓi bidiyon, ya danna Analytics, sannan Engagement. A nan zai ga sashe mai suna Key moments for audience retention. Bayanan sukan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu kafin su fito. Kuma sai bidiyo ya kai tsawon sakan 60, an kalle shi aƙalla sau 100, kafin YouTube ya haskaka muhimman wuraren da ke cikinsa.

Jadawalin irin wanda muke zanawa ne a darasin lissafi. Layin kwance lokacin bidiyon ne, daga farko zuwa ƙarshe. Layin tsaye kuma kason masu kallo ne, wato mutum nawa cikin ɗari ne suke kallon wannan wurin. Idan layin ya tafi a miƙe, mutane suna nan. Idan yana gangarawa, suna raguwa.

Ba wurin da ya fi ƙasa muke nema ba

Kusan kowane bidiyo layinsa ƙasa yake yi, domin haka ƙarshensa ne ya fi ƙasa. Wannan ba labari ba ne. Abin da muke nema shi ne inda gangarar ta sauya, inda layin da yake sauka a hankali ya fara zubewa kamar an zo bakin kwari. A nan ne wani abu ya faru a cikin bidiyon.

Mu ɗauki misali. A ce mun haɗa bidiyo mai minti 4 a kan wasan ƙarshe na gasar ƙwallon ƙafa tsakanin gidajen makaranta. Muka ɗora alamar linzamin kwamfuta a kan layin, muna jan ta a hankali, muna rubuta kason da ya nuna duk bayan sakan 30. Ga abin da muka samu:

0:00, kashi 100
0:30, kashi 70
1:00, kashi 66
1:30, kashi 63
2:00, kashi 60
2:30, kashi 41
3:00, kashi 39
3:30, kashi 37

Yanzu sai mu ɗebe kowane adadi daga wanda ya gabace shi. Za mu sami 30, 4, 3, 3, 19, 2, 2. Wurare biyu ne suka fita daban, wato 30 na farko da 19 na tsakiya.

Faɗuwar farko kowa yana fama da ita, saboda wasu sun danna ne bisa kuskure, wasu kuma sun leƙo ne kawai. YouTube yana auna sakan 30 na farko daban, da sunan Intro. Kafin mu ce namu ya yi muni, sai mu kwatanta shi da sauran bidiyoyinmu masu irin tsawonsa. Amma 19 ɗin tsakiya abin damuwa ne, domin waɗannan mutane sun riga sun zauna da mu minti biyu cur. Mu lura kuma, 19 daga cikin 60 ne suka tafi, kusan ɗaya bisa uku na waɗanda suka rage, a cikin rabin minti kacal.

Matse wurin

Mun san matsalar tana tsakanin 2:00 da 2:30. Sai mu sake bin wannan tazara, amma duk bayan sakan 5. A ce mun ga 60, 60, 59, 54, 48, 43, 41. Har zuwa 2:10 layin bai motsa sosai ba. Daga 2:10 zuwa 2:15 ya rasa 5. Ke nan zubewar ta fara ne a wajen 2:10.

Sai dai kada mu yi saurin ɗora wa 2:10 laifi. Mutum ba ya fita a sakan ɗin da ya gundura. Yakan ɗan jira ya ga ko abin zai sauya, sannan ya kai yatsa ya fita. Saboda haka sai mu koma baya da kamar sakan goma, mu kunna bidiyon daga 2:00, mu kalla kamar baƙi. A misalinmu, a 2:04 aka gama nuna ƙwallon ƙarshe da aka ci, mai gabatarwa ya tsaya gaban bango yana jero sunayen waɗanda ake yi wa godiya. Musabbabin yana 2:04, alamarsa ta bayyana a 2:10. Wanda ya zo ganin ƙwallo ya zaci an gama, alhali hirar da muka yi da kyaftin da kuma miƙa kofi suna gaba.

Fita suka yi ko tsallakewa?

Kafin mu yanke hukunci, mu duba abin da layin ya yi bayan faɗuwar. Da ya sauka zuwa 41 sannan ya sake hawa zuwa 55 a daidai inda ake miƙa kofi, da mun san tsallake godiyar suka yi, ba su tafi ba. Amma a misalinmu ya sauka bai dawo ba, ya ci gaba daga 41 zuwa 39. Waɗannan sun fita ke nan. Idan kuwa muka ga layin ya yi tozo sama, wato abin da ake kira Spikes, mutane suna maimaita wurin ne. Wataƙila ya burge su, wataƙila kuma murya ce ba ta fita sosai ba suka koma su sake ji.

Iyakar jadawalin

Jadawalin yana nuna inda aka tafi, ba ya faɗin dalili. Dalilin mu ne za mu nemo shi da idonmu da kunnenmu. Haka kuma idan masu kallo kaɗan ne, layin yakan yi ta karkarwa. A bidiyon da aka kalla sau 100, mutum uku da data ta ƙare musu za su iya sauke layin da kashi 3. Don haka ƙaramar lotsawa ba hujja ba ce. Wadda za mu ɗauka da muhimmanci ita ce wadda ta ninka raguwar da aka saba gani sau da yawa, kamar 19 a tsakanin su 3 da 4.

Hanyar tabbatarwa ita ce a sauya abu ɗaya tak a bidiyo na gaba. A mayar da godiya ƙarshe, a bar sauran tsarin yadda yake. Idan kwarin tsakiya ya ɓace, mun gano gaskiya. Idan yana nan, sai mu koma mu sake kallo, domin wani abin ne daban yake korar mutane.

Aikin gida ga 'yan ƙungiya: kowa ya zaɓi bidiyo ɗaya na tashar da yake da damar shiga, ya rubuta kason duk sakan 30, ya ɗebe, ya kawo mana lokacin da gangarar ta fara da abin da ke kan allo sakan goma kafin nan. Za mu tattauna a zamanmu na gaba, in Allah ya kai mu.