Taƙaita Bayanin Dilan Kaya: Me Za A Yanke, Me Za A Bari?

A darasin taƙaitawa an saba ba mu labari ko maƙala a ce mu fitar da muhimman batutuwa. A nan ina so mu gwada da wani irin rubutu daban, wato bayanin da dilan kaya ke rubutawa game da kansa don masu sari. Ga misalin da na tsara, na dilan wake da ke neman masu saye a kasuwar Bodija ta Ibadan:

"Muna farin cikin sanar da jama'a cewa mu ne kan gaba wajen harkar hatsi a kasuwar Dawanau da ke Kano. Sana'ar gado ce, tun kaka da kakanni. Muna da wake mai inganci, mai kyau, mai daɗin ci, wanda babu irinsa. Gaskiya da riƙon amana su ne jarinmu. Muna da ma'aikata ƙwararru masu fara'a. Farashinmu mai rahusa ne, kuma muna kai kaya ko'ina cikin gaggawa, sai dai ba ma lodin ƙasa da buhu 50. Sai kun zo, muna maraba da ku."

Kalmomi 80 ne cikin jimloli 7. Tambaya guda nake yi wa kowace jimla: maƙwabcin wannan dila zai iya kwafe ta ya sa a nasa bayanin ba tare da ya sauya komai ba? In zai iya, to ba ta taimaki mai saye ya zaɓi ɗaya daga cikinsu ba. Babu dilan da zai ce wakensa marar inganci ne, ko ma'aikatansa masu ɗaure fuska ne. Saboda haka jimla ta huɗu da ta biyar da ta bakwai sun tafi, kuma daga ta uku kalmar "wake" kaɗai ta tsira.

Ku lura da inda batun buhu 50 ya ɓuya: can ƙarshen jimla ta shida, bayan "sai dai". Ɗalibi mai gaggawa yakan riƙe farkon jimla ya yar da wutsiyarta, alhali wannan wutsiyar ita ce za ta gaya wa matar da ke son buhu 10 cewa kada ta ɓata katin wayarta. Duk abin da ya biyo bayan "sai dai" ko "amma" a irin wannan rubutu, a karanta shi sau biyu kafin a taɓa shi.

Bayan yankan, abu uku suka rage: Dawanau, wake, buhu 50. Wannan bai isa a yanke shawara ba. Dole mai taƙaitawa ya koma wurin dila ya tambayi abin da kalmomin yabon suka rufe. "Mai inganci" na nufin me? Fari ne ko ja? Na bana ne ko na bara? Da me aka kare shi daga ƙwari? Wannan ta ƙarshe ba ƙaramar tambaya ba ce. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Waken da aka adana a buhu mai leda biyu a ciki, wanda iska ba ta shiga, ba ya bukatar magani, don ƙwarin kan mutu idan iskar ciki ta ƙare. Dilan da ke ajiya haka yana da abin faɗa wanda ya fi "babu irinsa" nauyi. Haka "cikin gaggawa": kwana nawa, kuma wa zai biya mota?

Mu ɗauka dila ya amsa. Ga sabon bayanin:

"Farin wake mai manyan ƙwaya, na bana, daga Dawanau, Kano. An sheƙe, an tsince tsakuwa. Ajiyar buhu mai leda ce, ba a sa magani ba. Buhu kilo 100. Mafi ƙarancin lodi buhu 50. Rabin kuɗi kafin lodi, rabi in kaya sun sauka. Kano zuwa Ibadan kwana 4, kuɗin mota a kan mai saye. A kira don farashin yau."

Kalmomi 58. Ban sa farashi ba da gangan, domin kuɗin wake kan sauka da kaka ya hau kafin sabo ya fito, kuma lambar da aka buga kan tsufa kafin takardar.

Jimlar da za mu iya yin gardama a kanta ita ce ta sana'ar gado. Wanda zai tura rabin kuɗi zuwa Kano yana so ya san ba zai wayi gari ya iske rumfa a rufe ba, don haka daɗewa tana da amfani gare shi. Amma "tun kaka da kakanni" ba abin da zai iya bincikawa ba ne. In dila zai ba da shekarar da ya fara da lambar rumfarsa, zan mayar da su a layi ɗaya. In ba zai bayar ba, jimlar ta tsaya a waje.