Littafin da za ka buɗe ran da aka ce "Yaushe?"

Na daɗe ina raka ma'aikatan lafiya gaban kwamitin bincike a matsayina na wakilin ƙungiya a yankinmu na Tambuwal da Kebbe, kuma tambayar da na ga ta fi kayar da mai gaskiya ita ce "Yaushe?"

Wata ma'aikaciyar lafiya ce ta sa na fara ɗaukar wannan tambaya da muhimmanci. Tana aiki a wata ƙaramar asibiti ta ƙauye, ba zan faɗi sunanta ko na wurin ba. Shugaban asibitin ya sa ta gaba kusan shekara guda. Yana yi mata tsawa gaban mata masu awon ciki, yana sauya mata ranakun aiki ba tare da ya gaya mata ba, sannan ya rubuta cewa ba ta zo ba. Da aka zauna a kan kokenta na farko, dattijon da ke shugabantar zaman ya ce, "Malama, gaya mana rana ɗaya da ya yi miki haka." Ta ce, "Ranka ya daɗe, ai kullum ne." Ya ce, "To, a cikin kullum ɗin zaɓo mana ɗaya." Ta yi shiru, ta ce wajen bayan ƙaramar Sallah. Shi kuwa ogan ya zo da rajistar zuwa aiki a hammatarsa, ga jan biro a gaban sunanta wuri huɗu. Aka ba su haƙuri, aka ce su je su zauna lafiya. Kowa a ɗakin ya san tana da gaskiya, amma kwamiti ba zai iya rubuta "kullum" a rahotonsa ba.

Cin zarafi a wurin aiki ba kamar mari ba ne, da za a ce ga ranar, ga shaida, ga kumburi. Ƙananan abubuwa ne da in ka ɗauki ɗaya ka kai ƙara za a ce kai ne mai ƙorafi. Nauyinsu yana cikin maimaituwa, ita kuwa maimaituwa ba ta bayyana sai an jera ranaku. Shi ya sa bayan wannan zama na ce ta sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, mai ɗinki a tsakiya, ta sa wa kowane shafi lamba da biro tun daga farko har ƙarshe kafin ta rubuta komai. Lambar tana nuna ba a yage shafi ba, ba a cusa wani ba. Na ce ta ajiye shi a gida, kada ya taɓa kwana a durowar asibiti.

Rubutunta na farko da ta kawo mini cewa ya yi: yau ma mugun nan ya wulaƙanta ni, Allah ya isa. Na fahimci zafin, amma wannan ba zai yi mata aiki ba. Muka zauna muka sake tsara yadda za ta riƙa yi, har ya zama kowace shiga tana kama da wannan:

"Talata, 7 ga Maris 2023, wajen 10:20 na safe, ɗakin awo. Ina auna jinin wata mai ciki, shugaba ya shigo ya ce da ƙarfi, 'Ke ba ki san komai ba, da kuɗi kika sayi takardarki.' Akwai mata kamar goma sha biyu a kan benci, da ungozoma, da mai shara a bakin ƙofa. Na ce, 'Yallaɓai, bari in gama da ita.' Ya karɓe na'urar daga hannuna ya ba ɗalibar da ke koyon aiki. Na rubuta wannan yau da dare, bayan Isha'i."

A duba abin da ke ciki. Ranar mako tana tare da kwanan wata, domin in aka yi kuskure a ɗaya, ɗayan zai tona. Maganarsa tana nan yadda ta fito daga bakinsa, da Hausar da ya yi ta. In ba ta tuna kalmomin daidai ba, sai ta rubuta "ya faɗi magana mai kama da", kada ta ƙawata. Amsar da ita ta bayar ma tana ciki, ko da ranar da ta mayar da baƙar magana ce, saboda shi ba zai manta da ita ba, kuma gara kwamiti ya fara jin ta daga littafinta. Babu "mugu", babu "don yana ƙina", babu abin da wata ta ce wata ta gaya mata. Babu kuma sunan majinyaciya ko ɗaya. Ma'aikacin lafiya da ya kwashi sirrin marasa lafiya ya zuba a littafinsa na gida ya ba wanda yake ƙara sandar da zai doke shi da ita. Layin ƙarshe, wanda ke faɗin lokacin da aka yi rubutun, shi mutane suka fi mantawa, alhali shi ne ke raba abin da aka rubuta da ɗuminsa da abin da aka tuno bayan wata uku.

Littafin shi kaɗai maganar mutum ɗaya ce. Yana yin ƙarfi ne in ya jingina da takardun da ba ita ta rubuta ba. Ita dai abin da ya fi cutar da ita shi ne sauya jadawalin aiki, don haka na ce duk ranar da aka manna sabo a bango ta ɗauki hotonsa da wayarta, in an goge an sake ta kuma ɗauka, ta rubuta a littafin cewa ta ɗauka. Kowane dare da ta yi shiga sabuwa, sai ta tura wa yayarta da ke Sakkwato gajeren saƙo, layi biyu, domin saƙon yana ɗauke da ranarsa da sa'arsa. Duk takardar da ta kai ofis kuma ta yi ta kwafi biyu, magatakarda ya buga hatimi da kwanan wata a kan nata. Wanda ya taɓa bin takarda daga ƙauye zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma, daga can zuwa Sakkwato, ya san yadda fayil yake yin ƙafa. Kwafi mai hatimi ne kawai ke hana a ce maka ba ka taɓa kai kuka ba.

Sai ga kuskuren da ya kusa rushe mana komai. A wata biyar ta tara shiga goma sha tara. Da muka zo rubuta koke, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina gwadawa da hotunan jadawali, sai na ga wata shiga ta ce ya zage ta ranar wata Laraba da safe, alhali ranar yana taron bita a Sakkwato, kuma sunansa yana cikin rajistar mahalarta. Abin ya faru ne ranar Alhamis, amma ɗanta ba shi da lafiya a makon, ba ta samu ta rubuta ba sai ranar Asabar, ta lissafa baya ta yi kuskuren kwana ɗaya. Da mun shiga da shi a haka, da wannan rana ɗaya zai riƙe ya ce sauran goma sha takwas ma ƙage ne. Ta so ta sayi sabon littafi ta kwafe komai da kyau. Na hana ta. Littafin da aka rubuta a zama ɗaya yana tona kansa: biro ɗaya, hannu ɗaya a natse, ba maiƙo ba lanƙwasa. Nata kuwa da shuɗin biro a nan, baƙi a can, wani shafin har da ɗigon shayi. Ta ja layi ɗaya a kan "Laraba" yadda za a iya karanta shi, ta rubuta gyaran a gefe da ranar da ta gyara da dalilin, ta sa hannu. Saƙon da ta tura wa yayarta ranar Alhamis ɗin da yamma, tana cewa yau ma ya yi, shi ya tabbatar da gyaran.

A nan ya kamata in faɗi iyakar littafin, don kada wani ya ɗauka ya riƙe hukunci a aljihu. A gaban kwamitin ma'aikata ana karɓarsa cikin sauƙi. A kotu lamarin ya fi tsauri. Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 83, tana ƙin karɓar bayanin da mai ruwa da tsaki ya rubuta a lokacin da shari'a ke gudana ko ake hangen ta, don haka lauyan ɗaya ɓangaren zai iya cewa don ƙara aka shirya littafin. Wannan dalili ne na fara rubutu da wuri, tun kafin maganar kotu ta taso. Amma sashe na 239 ya yarda mai ba da shaida ya duba abin da ya rubuta a lokacin da abin ya faru, ko jim kaɗan bayansa, don ya tuna. Idan ka yi haka, ɗaya ɓangaren yana da ikon ya karɓa ya karanta ya yi maka tambayoyi a kai, shi ya sa nake cewa kada ka rubuta layin da za ka ji kunya in an karanta shi da ƙarfi a gaban mahaifinka. Hotuna da saƙonnin waya suna ƙarƙashin sashe na 84, wanda ke neman takardar tabbaci a kan na'urar da ta fitar da su. Saboda haka kada a sayar da wayar, kada a goge asalin saƙon don an buga shi a takarda.

Kwanan wata yana da wani amfani kuma, na lissafin wa'adi. Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975 kuma take da ofis a Sakkwato, dokarta ta hana ta binciken koken da aka kawo bayan wata goma sha biyu da faruwar abin, ko wanda mai shi bai bi matakan cikin gida ya ƙare ba. Mutumin da ya yi ta haƙuri shekara biyu, ana ce masa komai mai wucewa ne, zai tarar da yawancin abin da aka yi masa ya fita daga wa'adi. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda sashe na 254C na tsarin mulki ya ba hurumin rigingimun aiki har da tsangwama a wurin aiki, tana da reshe a Sakkwato. Najeriya kuma ta amince da Yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a kan cin zarafi da tsangwama a wurin aiki a Nuwambar 2022. Duka waɗannan ƙofofi, tambayar da ke bakinsu ita ce wadda dattijon nan ya yi.

Ba mu kai kotu ba. Daga shiga goma sha tara muka zaɓi bakwai, waɗanda kowacce take da hoto, ko saƙo, ko mutumin da ya yarda zai yi magana, muka jera su a shafi ɗaya da rabi. Ungozomar ta ce tana da 'ya'ya, ba za ta iya ba, ban kuma ga laifinta ba. Da kwamiti ya sake zama, mai sharar ce ta zo. Da aka kai ga jan biron da ke rajista, sai aka ɗora hoton jadawalin ranar Litinin kusa da na ranar Laraba, ga sunanta a aikin dare a na farko, ga shi an goge an mayar safe a na biyu. Shugaban zaman ya juya ga ogan ya ce, "Malam, wa ya sauya wannan, kuma yaushe aka sanar da ita?" Aka soke ranakun fashin daga fayil ɗinta, aka ba shi takardar gargaɗi, ita kuma aka mayar da ita wata asibitin da ta fi kusa da gidansu, kamar yadda ta nema.