Darasi na 9: Wanda Ya Bugu a Kai Ba Ya Komawa Fili

Malaman wasanni, kun san targaɗe, kun san karaya, don haka ba za mu daɗe a nan ba. In targaɗe ne, a hutar da ƙafar, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20, a ɗaga ƙafar sama. In karaya ce, kada a ja, kada a murza. A tallafe wurin yadda yake, a kai asibiti. Mai haɓo ya sunkuyar da kai gaba, ya matse hanci minti 10.

Abin da ya dame ni ɗabi'a guda ce. Yara biyu sun yi karo da kai wajen neman ƙwallo, ɗaya ya faɗi. Sai a fasa masa ruwan leda a ka, a fizgo hannunsa, a ce, "Tashi, ai kai namiji ne!" Ya koma wasa. Ku daina. Wanda ya bugu a kai, kuka ga alama ko ɗaya, ba ya komawa fili a ranar.

Ƙwaƙwalwa taushi gare ta kamar awara, tana cikin ruwa a ƙoƙon kai. In kai ya bugu, ko jiki ya sha karo mai ƙarfi, sai ta girgiza, aikinta ya rikice. Ba lallai a ga jini ko ƙulu ba, kuma mafi yawan masu wannan rauni ba sa suma. In aka sake bugun kan kafin ta warke, tana iya kumbura, yaro ya nakasa ko ya rasu.

A wasan ƙarshe na cin kofin duniya na 2014, Christoph Kramer na Jamus ya bugu a kai, aka bar shi ya ci gaba. Can sai ya tambayi alƙalin wasa ko wannan ne wasan ƙarshe. Da ƙafarsa yake gudu, amma bai san inda yake ba.

Abin da za ka yi a fili

Tsayar da wasa. In yaron yana kwance, kada ka ɗaga shi. Duba numfashinsa, ka hana wuyansa motsi. In ya tashi, lura: yana tangaɗi? Ya yi zuru da ido? Yana kukan ciwon kai, jiri ko tashin zuciya? Sannan ka tambaye shi: Wane fili muke? An tafi hutun rabin lokaci ko tukuna? Wa ya ci ƙwallon ƙarshe? Da wa muka buga makon jiya? In ya kasa amsa ɗaya, ya fita. Ko ya amsa duka, in kana shakka, ya fita. Kada ka dogara da "lafiyata ƙalau, Malam", don yaro wasa yake so.

A garzaya asibiti nan take in akwai suma, ciwon wuya, amai a kai a kai, farfaɗiya, ganin abu biyu-biyu, mutuwar hannu ko ƙafa, ciwon kai mai ƙaruwa, ko barcin da aka kasa tashe shi.

A gida

Wani malami ya rako ɗalibinsa gida, ya yi sallama.

"Inna, ya bugu a kai. Kada a bar shi shi kaɗai yau, kuma likita ya duba shi."

Kafin Inna ta amsa, maƙwabciya ta leƙo ta katanga, hannunta duk ƙullu. "Haba Malam, ɗan wannan? Nawa sau nawa ya faɗo daga mangwaro! A shafa masa man zafi, a ba shi asfirin, ya ɗebo wa Inna ruwa."

"A'a, Hajiya. Asfirin na iya ƙara zubar jini a cikin kai. In ciwo ya matsa, farasitamol kawai. Ba ɗiban ruwa, ba keke."

"To gasar jibi fa? Shi ne mai ci musu ƙwallo!"

Inna ta ajiye muciya. "Hajiya, ɗana ne ko ɗan kofi? Malam, mu je asibitin."

Irin waɗannan maƙwabta sun fi kowa baki, amma ranar jinya ba ka ganinsu. Yaron ya huta kwana 1 zuwa 2, ya rage kallon waya. Aji zai fara komawa, sannan tafiya, sannan sassarfa, kowane mataki aƙalla kwana guda. In ciwon kai ya dawo, a koma baya. Ba ya shiga wasan karo sai likita ya yarda.

Tambayoyi

1. Shin sai yaro ya suma ne ƙwaƙwalwarsa ke girgiza?
2. Kawo alamu 3 da ke sa a garzaya asibiti.
3. Yaro ya bugu a kai, yana jiri, ya ce ya warke. Me za ka yi?