Darasin Kimiyya: Gubar Afalatoksin a Tunkuza da Masara, da Yadda Ake Ajiye Abincin Dabbobi

Gabatarwa

Darasinmu na yau ya shafi abin da kusan kowannenku yake gani a gida. A ƙasar Gwaram da Birnin Kudu, idan an cire gyaɗa aka karya masara a watannin Satumba da Oktoba, akan ware mai kyau don ci da sayarwa. Wadda ta yi fumfuna kuwa sai ka ji an ce, "A zuba wa kaji," ko "A ba ragon turke." Za mu duba abin da ke cikin wannan ragowar, da inda yake ƙarewa, da yadda za a hana shi samuwa tun farko.

1. Mene ne afalatoksin?

Fumfuna halitta ce mai rai. Akwai wani irinta da masana suke kira Asfajilas filabas, wanda yake zaune a cikin ƙasar gona. Idan ya kama ƙwaya, yakan fito kamar gari, launinsa kore mai ratsin rawaya. Yayin da yake cin ƙwayar, yana fitar da wata guba a cikinta, ita ce afalatoksin. Ku bambanta abubuwan nan biyu da kyau: fumfuna ita ce mai yi, afalatoksin kuma abin da ta bari.

Gubar ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, ido kuma ba ya ganinta. Ana iya kakkaɓe fumfuna ko a kashe ta da rana, amma gubar tana nan daram a cikin ƙwayar. Dafuwa ba ta kashe ta, haka suyar ƙuliƙuli, domin sai zafi ya haura digiri 250 kafin ta fara rushewa, alhali ruwa yana tafasa ne a digiri 100.

An gano ta ne a Ingila a shekarar 1960, lokacin da talotalo fiye da 100,000 suka mutu. Da aka bi diddigi, sai aka tarar cewa da tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Barazil aka haɗa abincinsu. Wato ta hanyar abincin dabbobi duniya ta fara sanin wannan guba. Ba ta tsaya kan dabbobi ba: a shekarar 2004 mutum 125 suka rasu a Kenya bayan cin masarar da aka ajiye da danshi.

2. Yaushe take shiga amfanin gona?

Ƙofa biyu gare ta. Ta farko a gona. Idan ruwa ya ɗauke ana saura 'yan makonni gyaɗa ta ƙosa, ƙasa ta yi zafi, shukar takan yi rauni, ɓawon ya tsage, fumfuna ta samu hanya. Gara da tsutsa da saran fartanya wajen cira duk suna buɗe mata ƙofa. A masara ma tsutsar da ke huda goyo ita ke share mata hanya.

Ƙofa ta biyu bayan girbi. Fumfunar nan tana son ɗumi tsakanin digiri 25 zuwa 35, tare da danshi. Ɗumi kam ba mu da iko a kansa. Danshi shi ne abin da ke hannunmu. Gyaɗar da aka tara tuli guda ruwan ƙarshen damina ya dake ta, da masarar da aka ɗura a buhu ba ta gama bushewa ba, su ne gidan fumfuna. Wani lokacin mai haɗari shi ne daga Yuni zuwa Satumba, sa'ad da iska ke cike da laima, abincin da ya kwana a sito kuma yake sake shan danshi.

3. Me ya sa tunkuza ta fi haɗari?

Dalili uku ne. Na farko, gyaɗar da ake kaiwa matsa sau da yawa ba a tsince ta ba, har da ruɓaɓɓu da ƙanjamammu. Na biyu, idan aka matse mai, mafi yawan gubar ba ta bin man, a tunkuza take zama. Nauyi ya ragu, guba ba ta ragu ba, don haka ta ƙara kauri. Na uku, tunkuzar da aka cuɗa da ruwan zafi wajen fitar da mai tana ɗauke da danshi, ta injin kuma takan fito da zafi. Idan aka ɗaure ta a buhu a haka, gumin da za ta yi ya isa ya tayar da sabuwar fumfuna.

4. Misali a kan allo

Ana auna afalatoksin da maikirogiram, wato kashi ɗaya cikin miliyan na giram. Mizanin da aka fi amfani da shi ga shanun tatsa da ƙananan dabbobi shi ne kada ta wuce maikirogiram 20 a kowane kilo na abinci.

Mu ƙaddara wani makiyayi a Gwaram ya haɗa kilo 100 na abinci: masara kilo 60, tunkuza kilo 20, dusa kilo 20. Mu ƙaddara kuma an gwada, an samu maikirogiram 10 a kowane kilon masara, 200 a kilon tunkuza, 20 a kilon dusa. Ga lissafin:

Masara: 60 × 10 = 600
Tunkuza: 20 × 200 = 4,000
Dusa: 20 × 20 = 400
Jimla: 5,000 ÷ 100 = 50 a kowane kilo

Hamsin ya ninka mizani sau biyu da rabi. Ku lura kuma, tunkuza kashi ɗaya cikin biyar ce ta nauyin abincin, amma ita ta kawo kashi huɗu cikin biyar na gubar. Masara mai kyau ba ta ceci haɗin ba.

Mu bi ta zuwa ƙwarya. Saniya ta ci kilo 4 a rana, ta haɗiyi maikirogiram 200. Hantarta tana juya wani kaso zuwa wata gubar mai suna M1, wadda ke fita a nono cikin kwana guda. Idan kashi 2 cikin 100 kacal ya fita, an samu maikirogiram 4. In tana ba da lita 5, kowace lita tana ɗauke da 0.8, alhali iyakar da Amurka ta sa wa madara 0.5 ce, ta Tarayyar Turai kuma 0.05. Tafasa nonon ba ya cire ta. Shi ne ake dama fura da shi, shi ake ba yaro. Amma idan aka janye gurɓataccen abincin, nonon yakan tsarkaka cikin 'yan kwanaki.

5. Alamomi a jikin dabba

Hanta ce gubar take kamawa. 'Ya'yan agwagwa da talotalo sun fi saurin faɗuwa, sai 'yan tsaki, sannan 'yan maruƙa. Manyan tumaki sun fi jurewa, amma jurewa ba tsira ba ce.

Idan gubar ta yi yawa, dabba takan ƙi cin abinci, ta yi kasala, farin idonta ya koma rawaya kamar mai shawara, wani lokaci da zawo mai jini, sai mutuwa. Abin da aka fi gani shi ne ci kaɗan-kaɗan na tsawon lokaci: kaji suna ci ba sa girma, ƙwai ya ragu, nono ya ragu, cuta kuma tana yawan kama su ko da an yi rigakafi. Idan aka yanka kaza, hantar takan yi fari-fari ko rawaya, ta kumbura, tana dagargajewa a hannu.

Wasu cututtukan ma suna kawo irin waɗannan alamomi. Abin da ke nuna abinci ne shi ne matsalar ta fara bayan buɗe sabon buhu, ta kama duk masu ci daga gare shi, maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma bai yi aiki ba. A nan sai a janye abincin nan take, a kira likitan dabbobi. Gwaji ne kaɗai ke tabbatarwa. A jikin mutum kuwa, cin ta na shekaru yana kawo ciwon dajin hanta, musamman ga mai ciwon hanta nau'in B.

6. Matakan ajiya

*Busarwa.* A shanya a kan tampol ko daɓen siminti, ba a kan turɓaya ba, ana juyawa, a kwashe kafin raɓa. Danshin masara kada ya wuce kashi 13 cikin 100, na ɓararriyar gyaɗa kashi 7 zuwa 8. Wanda ba shi da na'ura ya samu busasshiyar kwalba, ya zuba masara da busasshen gishiri, ya rufe, ya girgiza, ya bar ta kamar minti 15, ya sake girgizawa. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, masarar ba ta bushe ba. Gyaɗa kuwa, busasshiya takan yi ƙara a cikin ɓawonta idan an girgiza.

*Tsincewa.* Gubar ba ta bazu daidai a cikin buhu ba, a 'yan ƙwayoyi kaɗan take taruwa. Cire masu fumfuna da fasassu da ƙanjamammu da waɗanda suka sauya launi yana rage ta ƙwarai. Abin da aka cire a ƙone shi ko a binne shi da zurfi.

*Shanya tunkuza.* A farfasa ta, a baza a inuwa mai iska ko a rana har ta huce ta bushe ƙarau kafin a sa a buhu. Mai saye ya karya dunƙule ya duba ciki. Idan ya ga kore ko baƙi, ko ya ji warin rumar ɗaki, ko ɗumi a tsakiyar buhu, ya bar ta.

*Sito.* A ɗora buhuna a kan katako, a bar tazarar kamar kamu ɗaya tsakaninsu da bango. A gyara yoyon rufi kafin damina, a toshe ramukan ɓeraye. Buhun nan mai leda biyu a ciki yana hana iska da ƙwari, amma sai hatsin ya bushe kafin a ɗaure.

*Juyawa.* Wanda ya fara shiga sito shi zai fara fita. Da damina a haɗa abincin mako ɗaya ko biyu kawai. Dusar da aka jiƙa kada ta kwana, a kuma kankare abin da ya daskare a kwanon ci.

Akwai kariya tun daga gona. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta samar da Afalasef, wato ƙwayoyin dawa da aka shafa wa irin fumfunar da ba ta yin guba. Ana watsa kilo 10 a hekta ɗaya, mako biyu zuwa uku kafin fure, sai ta mamaye gurbin mai guba. Tana ragewa sosai, amma ba ta ɗauke wa manomi aikin busarwa ba.

Aikin gida

1. Mene ne bambanci tsakanin fumfuna da afalatoksin?
2. A misalinmu, idan aka sauya tunkuzar da mai maikirogiram 20 a kilo, nawa haɗin zai koma? Ya shiga mizani?
3. Ku yi gwajin gishiri da masarar gidanku, ku rubuto abin da kuka gani.

Kammalawa

Da zarar afalatoksin ta samu a cikin ƙwaya, ba wanki ko shanya ko wutar murhu da za su fitar da ita. Ƙarfinmu duk yana kafin ta samu: a busar, a tsince, a ɗaga daga ƙasa. Idan kun koma gida yau, ku leƙa inda ake ajiye dusa da tunkuza, ku kuma faɗa wa iyayenku cikin ladabi cewa ruɓaɓɓiyar gyaɗar da aka zuba wa saniya da yamma, a ƙwaryar nono take dawowa da safe.