Amsoshin Tambayoyinku: Wasiƙar Neman Ganawa

Malama mai sauraronmu daga Gusau, wadda ta kammala karatun haɗa magunguna, tana tambayar yadda za ta rubuta imel na farko zuwa ga wani shehin malami da bai san ta ba, domin neman ganawa.

To, Malama, ki sani cewa mutumin da wasiƙu suke yi wa yawa yakan duba su ne a waya, tsakanin wata hidima da wata, kuma abin da idonsa yake fara riska shi ne layin take, saboda haka ki rubuta a can: "Neman ganawar minti 15 kan binciken zazzaɓin cizon sauro". Bayan sallama da ambaton muƙaminsa daidai, kada ki tsawaita gaisuwa irin tamu ta zaure, wadda ake tambayar gajiya da iyali, domin ladabi a wannan muhalli shi ne taƙaitawa. Ki faɗi ko ke wace ce a jumla ɗaya, sa'an nan ki kawo dalilin da ya sa kika nufe shi shi kaɗai, wato wata maƙala tasa da kika karanta da mas'alar da ta shige miki duhu a cikinta, gama wannan ne hujjar cewa ba wasiƙa ɗaya kika rarraba wa mutum hamsin ba.

Game da lokacin ganawar kuwa, idan kika ce "duk lokacin da ya dace", nauyi ne kika ɗora masa. Gara ki ce Talata ko Alhamis bayan Azahar, a ofishinsa ko ta waya. Idan mako guda ya shige shiru, ki aika tunatarwa ta layi biyu a ƙarƙashin wasiƙar farko, sau ɗaya tak.